Kalmomin umarni a tambayoyin jarrabawa

Kalmomin umarni su ne aikatau da ake buɗe tambayar jarrabawa da su domin a faɗa wa ɗalibi irin aikin da ake so ya yi da abin da ya sani. A takardun da ake rubutawa da Turanci, waɗanda aka fi cin karo da su sun haɗa da *state*, *describe*, *explain* da *evaluate*. Batun tambaya yana iya zama ɗaya, amma da zarar an sauya wannan kalma guda, amsar da za ta ci maki ta sauya gaba ɗaya. Hukumomi irin su Cambridge da AQA na Ingila suna wallafa jerin kalmomin tare da ma'anar kowace, kuma ɗaliban WAEC da NECO suna haɗuwa da su a takardun da ake amsawa da dogon rubutu.

Asali

Tunanin jera tambayoyi bisa zurfinsu ya samu karɓuwa ne daga aikin Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa, wanda ya fito a 1956. Sun kasa aikin ƙwaƙwalwa hawa shida: sani, fahimta, aiki da abin da aka sani, ƙwanƙwance, haɗa sassa su ba da sabon abu, sai yanke hukunci a can sama. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl sun yi wa tsarin kwaskwarima, suka mayar da sunayen matakan aikatau, suka kuma ɗora ƙirƙira a kan hukunci. Masu tsara jarrabawa suna ɗaukar kalmar umarni a matsayin alamar hawan da tambaya take.

Batu ɗaya, amsa uku

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a ɗauki batu ɗaya daga darasin labarin ƙasa, wato janyewar Tafkin Chadi, a yi masa tambaya sau uku.

Idan tambayar ta fara da *describe*, ana son siffantawa: me ya faru, yaushe, kuma da wane girma. Amsa mai kyau za ta ce a farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, a shekarun 1970 ya rabu gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa. A nan adadi da shekara su ne ke jawo maki. Ɗalibin da ya shiga kawo dalilai bai yi laifi ba, sai dai ya kashe mintunansa a kan abin da ba a ware masa maki ba.

Idan kuwa aka ce *explain*, sai amsar ta koma kan dalili, kuma dalilin dole ya zo a sarƙe, kowane mataki yana haifar da na gaba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin yana zuwa ne ta kogin Chari da reshensa Logone, waɗanda suke haɗuwa a N'Djamena. Lokacin da fari ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, ya kuma maimaita a 1983 da 1984, ruwan sama ya ragu a inda kogunan suke tasowa, don haka abin da suke zubawa a tafkin ya ragu. Tafkin kuma ba shi da zurfi, galibinsa bai wuce 'yan mitoci ba, ga zafin rana da ke ɗauke ruwa mai kaurin kusan mita 2 a shekara. Saboda haka raguwar zurfi kaɗan takan busar da fili mai faɗin gaske. Ɗalibin da ya rubuta "fari" kawai ya tsaya ya ambaci sanadi, amma bai nuna hanyar da sanadin ya bi ya kai ga sakamako ba, kuma a wannan hanyar ne yawancin makin yake. Ana iya gane amsa irin wannan da ido: idan babu "saboda", babu "don haka", babu "wanda ya sa" a cikinta, to siffantawa aka yi, ba a kawo dalili ba.

Na ukun shi ne mafi nauyi. A ce an rubuto ikirari cewa noman rani ne babban abin da ya janye tafkin, aka sa *evaluate* a gabansa. Yanzu ana son ɗalibi ya auna hujjojin ɓangare biyu, sannan ya yanke hukunci da kansa. Zai fara da abin da ke goyon bayan ikirarin: ana ɗibar ruwa daga Chari da Logone don ban ruwa, an kuma gina madatsun Tiga da Challawa a kan kogunan da ke ciyar da Komadugu Yobe, wanda ke shiga tafkin ta arewa maso yamma. Sai ya juyo ɗaya ɓangaren: mafi girman janyewar ta zo daidai da shekarun fari, Yobe ɗan ƙaramin kaso yake bayarwa idan aka kwatanta da Chari, kuma babban shirin ban ruwa na kudancin tafkin a Borno shi kansa ya gurgunce ne da ruwan ya ja baya ya bar bakin magudanarsa a tudu. Da damina ta ɗan gyaru daga shekarun 1990, tafkin ya farfaɗo zuwa wani mataki. Daga nan hukunci zai fito: ƙarancin ruwan sama ne ya fi nauyi, noman rani ya ƙara wa matsalar tsanani. Wani ɗalibin yana iya ba ban ruwa nauyi fiye da haka, ya kuma ci maki, muddin hujjojin da ya jera sun ɗauki hukuncin nasa. Wanda yake asara shi ne wanda ya jera ɓangarorin biyu tsaf, ya ajiye biro ba tare da ya ce wanne ya rinjaya ba.

Tarkon "bayyana"

Akwai wata wahala da ta keɓanta ga mai tunani da Hausa. A aji, malami yakan fassara *describe* da "bayyana", ya fassara *explain* da "yi bayani", alhali kalmomin biyu tushensu ɗaya ne, kuma a kunnen Bahaushe kusan abu ɗaya suke nufi. Sai yaro ya tashi yana ganin tambayoyin biyu daidai suke. Abin takaici ne a ga ɗalibin da ya san darasinsa sarai ya rasa maki ta wannan ƙofa. Ya fi dacewa a ce masa na farko "siffanta yadda abin yake", na biyu "faɗi dalili da yadda aka yi", *evaluate* kuma "auna ka yanke hukunci".

Iyaka

Kalmar umarni ba ta aiki ita kaɗai. Ma'anarta takan ɗan karkata daga darasi zuwa darasi: a ilimin halittu, *describe* a gaban wani gwaji yana nufin a jera matakan aikin bi da bi tare da kayan da za a yi amfani da su, a lissafi kuma *evaluate* ba ya neman wani ra'ayi, ƙimar lamba kawai ake so a fitar. Yawan makin da aka rubuta a gefen tambaya shi ma yana faɗin zurfin da ake nema. Tambayar *explain* mai maki 2 takan ƙare da sanadi ɗaya da sakamakonsa, mai maki 8 kuwa tana neman sarƙoƙi da dama, kowace a kai ta ƙarshenta kamar yadda aka bi ruwan Chari daga sama har bakin tafki.