Me ake nufi da fassarar komawa a takardar amincewa?

Kafin a sa mutum cikin binciken sabon magani, sai an ba shi takardar amincewa ya karanta, ko a karanta masa, sannan ya sa hannu ko ya dangwala. Yawanci da Turanci ake rubuta ta, a fassara zuwa Hausa. To, mai binciken da ba ya jin Hausa, ta yaya zai san abin da aka rubuta da sunansa? Nan fassarar komawa ke shigowa.

Mai fassara na farko ya mayar da takardar zuwa Hausa. Sai a miƙa Hausar ga wani daban, wanda bai taɓa ganin ta asalin ba, ya sake mayar da ita Turanci. Rashin ganin nan shi ne sharaɗin aikin, domin in ya leƙa ta asalin, kwafa kawai zai yi. Daga nan a ajiye Turancin biyu gefe da gefe, a bi su jimla bayan jimla, duk inda ma'ana ta saɓa a gyara Hausar. Kwamitocin ɗa'ar bincike da yawa kan nemi ganin takardun uku.

A ce ta asalin ta bayyana cewa ƙuri'a ce za ta raba mutane rukuni biyu, wasu su sha sabon maganin, wasu su sha ƙwayar da babu sinadarin magani a cikinta. Mai fassara, don ya sauƙaƙa, ya rubuta: "Likita zai zaɓa maka maganin da za ka sha." Da jimlar ta koma Turanci za a ga ƙuri'a ta ɓace. Kuskuren babba ne, domin mara lafiya zai ɗauka likita ya duba shi ya zaɓa masa abin da ya dace da cutarsa.

Amma akwai kuskuren da ke kuɓuce wa fassarar komawa. Ɗauki kalmar "gwaji". A bakin mai bincike, ana nufin gwada maganin da ba a tabbatar da ingancinsa ba. A kunnen uwar da ta kawo ɗanta asibiti kuwa, gwaji shi ne na jini ko na fitsari, abin da aka saba yi. Mai fassara na biyu, da yake ya gane takardar bincike ce, zai zaɓi ma'anar farko, Turancin biyu su dace tsaf, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Haka ma fassarar da ta bi Turanci kalma da kalma: ita ta fi komawa daidai, ita ce kuma Bahaushe ya fi kasa ganewa. Ni dai in na ga dacewar ta yi yawa, zargi nake yi.

Shi ya sa bayan gyara ake karanta wa mutane kaɗan irin waɗanda za a ɗauka, a ce kowa ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Idan uwar ta ce "za a duba jinin yarona ne", sai a koma kan jimlar, a rubuta ƙarara cewa har yanzu ba a san ko maganin yana aiki ba.