Waiwaye: Daga Ina Tsunami Ke Samo Tsawonta?

Duk damina, da zarar teku ta yi ambaliya a ɓangaren Lekki, sai gardama ta tashi a majalisun mutanenmu daga Obalende har Agege: wasu su ce tsunami ce ke tafe, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa kan tayar, wasu su ce tsoratarwa ce kawai. Yawancinmu mun fara jin kalmar ne ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da girgizar ƙasa kusa da Sumatra ta hallaka mutum sama da 200,000, sai kuma ta Japan a 2011. Amma abin ya daɗe: tun 1755 teku ta afka wa birnin Lisbon bayan girgiza.

Wadda aka fi mantawa ita ce ta 1 ga Afrilu 1946, kuma a ganina ita ta fi koyar da mutane. An yi girgizar a tsibiran Aleutian na Alaska, inda wani ɓawon ƙasa ke kutsawa ƙarƙashin wani. Da ya suɓuce, sai gindin teku ya ɗaga farat ɗaya, ya tura duk ruwan da ke samansa. Cikin kimanin awa 5 igiyar ta isa Hawaii, tafiyar fiye da kilomita 3,500, ta kashe mutum 159. Babu wanda ya ji girgiza a can. A ƙauyen Laupahoehoe, ruwa ya fara ja da baya ne, ɗalibai suka tsaya kallon ƙasan teku, sannan ya dawo. Wannan rashin ne ya sa aka kafa tsarin gargaɗi a Hawaii kafin ƙarshen shekarun 1940.

Me ya sa jiragen ruwa da ke tsakiyar teku ba sa lura da wucewar irin wannan igiya? Zurfi ne ke ƙayyade gudun igiyar. Inda zurfi ya kai mita 4,000, tana gudun kusan kilomita 700 a awa, tsawonta bai fi rabin mita ba, amma tsakanin tozo da tozo kan kai kilomita 200. Da ta iso zurfin mita 10, gudun ya koma kilomita 36. Gaba ya rage sauri, baya na ta danno shi, kamar motoci a bakin gadar Eko, sai dai ruwa ba shi da wurin tsayawa, dole ya tashi sama. Rabin mitan nan kan haura mita 2, kuma idan gaɓa ta tsuke kamar mazurari, ya ninka haka.

Legas kuwa ba ta kusa da irin wannan mahaɗa. A tsakiyar Atlantika ɓawon ƙasa rabuwa yake yi, abin da da wuya ya ɗaga ruwa haka. Ambaliyarmu daga iska take, da tumbatsar teku, da yashin gaɓa da ke zaizayewa shekara da shekaru.