Waiwaye: Yadda Nauyin Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro Ya Koma Kan Abokin Haɗi

Tun daga 2020, lokacin da masu bincike suka tabbatar da cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro mai jinkirin mutuwa a hannun maganin atimisinin ta ɓulla a Ruwanda, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Daga baya an ga irinta a Uganda da Eritiriya. Wasu na cewa maganin ya kusa tashi aiki, wasu kuma na cewa ai har yanzu marasa lafiya suna warkewa, don haka a kwantar da hankali. Kowane ɓangare na da hujja, amma ɗalibin harhaɗa magunguna ba zai iya auna maganarsu ba sai ya san inda kowane magani yake kama ƙwayar, da kuma abin da ya faru a baya.

Idan sauro ya ciji mutum, hanta ƙwayar ke fara shiga, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa ba tare da wata alama ba. Atobakwan da furogwanil suna aiki a wannan zango. Nau'in bibaks da obale kan bar wasu ƙwayoyi suna barci a hanta, kuma firimakwin ko tafenokwin ne kawai ke kashe su, shi ya sa ake gwada sinadarin G6PD kafin a ba da su, don gudun fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Daga hanta sai jini, inda zazzaɓin yake. A nan nau'in falsifaram ke yin zagaye na awa 48: ya fara da ƙaramar siffar zobe, ya girma yana cin himogulobin, ya rarrabu, ya fasa ƙwayar jinin. Kulorokwin da danginsa, irin su amodiyakwin da fiferakwin, suna hana shi kawar da gubar him da ke fitowa daga wannan ci, don haka sai ya girma suke samunsa. Salfadokzin da firimetamin suna toshe masa hanyar haɗa folet. Atimisinin ya fi su faɗin aiki, domin har ƙaramin zoben yana kashewa. Gametosayit da suka nuna, waɗanda sauro ke ɗauka ya kai wa wani, firimakwin ne ke maganinsu, a ba da 0.25 mg a kan kowane kilo sau ɗaya.

Labarin farko sananne ne. Bijirewa kulorokwin ta fito a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso gabashin Afirka a 1978. Aka koma ga salfadokzin da firimetamin, shi ma bai daɗe ba. Darasin da aka ɗauka shi ne kada a sake barin magani guda ya fuskanci ƙwayar shi kaɗai, daga nan aka rungumi haɗin atimisinin da wani magani na daban, wato abokin haɗi.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne rushewar fiferakwin a Kambodiya, kuma a ganina nan ne zancen yake. A 2008 da 2009 aka bayyana cewa a yammacin ƙasar, musamman yankin Failin, ƙwayar na daɗewa a jini bayan an sha atesunet, wani nau'in atimisinin. A 2014 aka gano cewa sauyi a ƙwayar halitta kelch13 ne alamar hakan. Sauyin yana rage yadda ƙaramin zobe ke haɗiyar himogulobin, shi kuwa atimisinin sai ya haɗu da ƙarfen da ke cikin him yake fara aiki. Zoben sai ya lafe na 'yan awoyi har maganin ya fice, tun da rabin atimisinin kan bar jini cikin kamar awa guda. Duk da haka mutane sun ci gaba da warkewa, saboda fiferakwin na share ragowar. Wannan ne ya sa lamarin bai yi kama da gaggawa ba.

Lissafin ne ke nuna haɗarin. A ɗauki majinyaci mai ƙwayoyi tiriliyan 1 a jikinsa. Atimisinin mai cikakken ƙarfi yana rage su ninki 10,000 a kowane zagaye, kuma shan kwana 3 yana cin zagaye biyu. Bayan na farko saura miliyan 100, bayan na biyu saura 10,000. Waɗannan ne rabon abokin haɗi, aiki ne mai sauƙi. Yanzu a ƙaddara, don misali kawai, cewa ƙarfin ya sauka zuwa ninki 100 a zagaye. Abin da zai rage wa abokin haɗi ya zama miliyan 100, kuma shi kaɗai zai fuskance su, domin atimisinin ya riga ya fita. Cikin taro mai yawa haka, damar samun ƙwayar da ke jure masa ta ƙaru sosai. Ga shi kuma fiferakwin na ɗaukar mako 3 zuwa 4 kafin rabinsa ya bar jiki, yana ta raguwa sannu a hankali, har ya kai matakin da zai kashe masu rauni ya ƙyale masu juriya. Ba ma sabon magani ba ne a wurin ƙwayar: an yi amfani da shi shi kaɗai a Sin tun 1978, kuma bijirewa ta sa aka rage amfani da shi a shekarun 1980.

Haka kuwa aka yi. Ƙwayoyi masu sauyin C580Y a kelch13 suka haɗa da ƙarin kwafin ƙwayoyin halitta plasmepsin 2 da 3, sannan sababbin sauye-sauye a ƙwayar halitta pfcrt. Kafin ƙarshen shekarun 2010, haɗin atimisinin da fiferakwin yana gaza warkar da kusan rabin majinyata a sassan Kambodiya da Biyetnam da arewa maso gabashin Tailan. Kambodiya ta koma ga atesunet da mefulokwin. Jinkirin atimisinin shi ya buɗe ƙofa, amma sai da abokin haɗi ya faɗi sannan jinya ta lalace.

Saboda haka idan ana zancen gabashin Afirka, lumefantirin ya kamata a zuba wa ido, tun da haɗinsa da atimeta, wani nau'in atimisinin, shi ne aka fi sha a nahiyar. Rabinsa kan fita cikin kwana 3 zuwa 6, abin da ya rage tsawon lokacin da yake zaune da rauni a jini, amma yana da nasa sharaɗi: hanji ba ya tsotse shi sosai sai da abinci mai maiƙo ko madara. Babba yana shan ƙwaya 4 masu 20/120 mg sau 6, na biyun bayan awa 8, sauran safe da yamma har kwana 3. Wanda ya tsaya a sha na huɗu don ya ji sauƙi, ko ya sha da ciki wayam, ya bar ragowar ƙwayoyin a gaban magani marar ƙarfi. Ni a nan nake ganin tushen matsalar, fiye da a cikin sunayen sauye-sauyen da ake haddacewa don jarrabawa.

Ya ake gane bijirewa ta gaskiya? Jinkirin atimisinin yana bayyana da wuri: a ga ƙwaya a gwajin madubi a rana ta 3, ko kuma a ga rabin ƙwayoyin na ɗaukar fiye da awa 5 kafin su ɓace. Gazawar abokin haɗi kuwa a makare take zuwa. Zazzaɓi ya tafi, sai ya dawo, shi ya sa ake bin majinyaci kwana 28 a lumefantirin, kwana 42 a fiferakwin, a kuma yi gwajin PCR don a bambance tsohuwar cuta da sabon cizo. Gwajin gaggawa na HRP2 ba ya amfani a nan, domin yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke. Kafin a ɗora wa ƙwayar laifi, sai a tambaya ko majinyacin ya yi amai, ko ya cika shan, ko an auna masa daidai nauyinsa, ko maganin na ƙwarai ne. Idan an kawar da waɗannan duka, gazawar jinya kuma ta haura kashi 10 cikin 100 a binciken da aka tsara, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sauya maganin sahun farko.