Mene ne sasanta tsohon bashi?

Sasanta bashi shi ne wanda ake bi da mai bin sa su daidaita a kan kuɗin da bai kai abin da ke rubuce ba, a biya, mai bashi ya yafe sauran, a rufe asusun. Ya bambanta da ƙarin wa'adi, inda ake tsawaita lokacin biya amma kuɗin na nan daram, wani lokaci ma ya ƙaru.

Banki ko asusun bada rance ba don tausayi yake yarda ba. Dokokin BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun tilasta wa masu bada rance su ware kuɗi daga ribarsu don toshe giɓin duk bashin da ya daɗe ba a biya ba, kuma gwargwadon daɗewar gwargwadon abin da za su ware. Ga kuɗin lauya, ga jeka-ka-dawo a kotu, ga wahalar sayar da gida ko filin jingina. Kuɗin hannu na yau kan fi musu alƙawarin baɗi. Amma idan jinginar mai tsada ce kuma takardunta sun cika, ko albashinka ta bankin yake biyowa, kada ka sa ran rangwame mai yawa.

A ɗauka wani ɗan kasuwar albasa ne a Tawa, kaya suka ruɓe masa a hanya, ya shekara biyu bai biya ba. Aka aiko masa da takarda cewa ana bin sa sefa 1,700,000. Abu na farko, ya nemi a rarrabe masa lissafin a rubuce. Sai ya ga uwar kuɗin da ta rage 1,200,000 ce, kuɗin ruwa 260,000, tarar jinkiri 190,000, kuɗin aiken takardun shari'a 50,000. Wannan rarrabewar ce ke nuna inda za a taɓa. Tara ce aka fi saurin yafewa, sai kuɗin ruwa; uwar kuɗi kuwa da ƙyar ake taɓa ta. Ya rubuta wa sashen karɓo bashi, ya faɗi abin da ya same shi, ya haɗa da shaida, ya taya 1,000,000. Suka ƙi. Aka tsaya a 1,250,000: 800,000 ranar sa hannu, 450,000 bayan wata ɗaya.

Inda ake cutuwa shi ne nan, kuma abin na yi mini ciwo don kuɗin sau da yawa na sayar da dabbobi ne ko na karo-karon ƴan uwa. Idan mutumin nan ya zuba 800,000 bisa maganar baki ta ma'aikacin da ke zuwa shagonsa, kuɗin za su shiga a matsayin biyan wani ɓangare kawai. A ƙa'ida, kuɗin ruwa ake fara cirewa kafin a taɓa uwar kuɗi, sauran 900,000 kuma suna nan a wuyansa suna haihuwa. Ma'aikacin da ya yi alƙawarin galibi ba shi da ikon yafe ko dala. Kwamitin bashi ko shugabanni ne ke da wannan ikon.

Don haka kafin ya biya, a ba shi yarjejeniya mai hatimi da sa hannun wanda ke da iko. Ta ambaci lambar bashin, kuɗin da aka tsaya a kai, da ranakun biya. Ta faɗa ƙarara cewa biyan nan ya rufe bashin gaba ɗaya, an yafe sauran, za a mayar masa da takardun jingina, kuma an sallami wanda ya tsaya masa. Ya karanta sharaɗin saɓa wa'adi da kyau, domin yawanci ana rubuta cewa idan kashi na biyu ya makara, rangwamen ya rushe, a koma 1,700,000. Wanda bai tabbata 450,000 za su samu cikin wata ɗaya ba, gara ya nemi wata biyu tun a teburin. Biya kuma a kan kantar bankin, da rasit, sannan ya karɓi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai.

Idan an riga an kawo masa umarnin biya daga kotu, tattaunawa ba ta tsayar da wa'adin ƙalubalantarsa. A dokar da ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wato OHADA, ta sabunta a 2023, kwana 10 ne kacal.

Sasantawa ba ta goge tarihi nan take. Jinkirin zai ci gaba da bayyana na wani lokaci a rahoton BIC, wato ofishin bayanan bashi na ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wanda masu bada rance ke dubawa. Abin da zai iya nema shi ne a gyara bayanin ya nuna an rufe asusun, ya kuma nemi rahotonsa bayan ƴan watanni ya gani da idonsa.