Takardar sanar da biya

Takardar sanar da biya wasiƙa ce gajera da mai saye yake aika wa mai kawo masa kaya bayan ya tura masa kuɗi ta banki, yana faɗin faktir ɗin da kuɗin suka biya, ɗaya bayan ɗaya, da abin da aka ɗora wa kowace. A Nijar, inda takardun kasuwanci ke fita da Faransanci, ana rubuta «avis de règlement» ko «avis de paiement» a samanta. Ba rasit ba ce, domin rasit wanda ya karɓi kuɗi ne yake bayar da shi, ita kuwa daga hannun mai biya take fitowa. Ba ta kuma zama shaidar cewa kuɗi sun isa, wannan aikin takardar banki ne. Abin da take yi kawai shi ne ta nuna wane bashi aka kashe, wane aka taɓa, wane aka bari da gangan.

Dalilin da ya sa ake buƙatarta

Ɗan kasuwar Damagaram da ke da shago a Kasuwar Dole, ko mai sito a Zango, ba ya biyan kowace faktir ranar da ta zo. Mota ta sauke kaya yau, wata ta sauke bayan kwana goma, faktir uku ko huɗu su taru, sannan ya je banki sau ɗaya ya tura kuɗi a dunƙule zuwa Maraɗi ko Yamai. A can, abin da kwantabul, wato mai riƙe da lissafin mai kaya, yake gani a bayanin asusu layi ɗaya ne: rana, adadi, da suna, wani lokaci ma sunan yaron shago ne ko na wani kamfanin maigidan. Gurbin da banki ke bayarwa don rubuta dalilin biya ƙarami ne. A tsohon saƙon tura kuɗi tsakanin bankuna na tsarin SWIFT, mai lamba MT103, layi huɗu ne, kowane harafi 35, wato 140 gaba ɗaya, kuma sau da yawa abin da ke fitowa a bayanin asusu bai kai haka ba. Lambobin faktir huɗu da bayanin ragi ba za su shiga nan ba.

Akwai kuma ɓangaren doka. Dokar farar hula ta Nijar ta samo asali daga ta Faransa ta 1804, kuma ƙa'idarta a kan wannan batu tsohuwa ce: wanda ake bi basussuka da yawa yana da haƙƙin faɗin wanda yake biya a lokacin da yake biyan. In ya yi shiru, aka ba shi rasit da ya ɗora kuɗin kan wani bashi ya kuma karɓa, da wuya ya dawo ya canza. In babu wanda ya faɗi komai, doka ce ke zaɓa, ta fara da bashin da lokacinsa ya yi wanda mai biya ya fi amfana da kashe shi, in duk iri ɗaya ne sai a fara da mafi daɗewa. Takardar sanar da biya ita ce hanyar da mai saye yake amfani da wannan haƙƙi nasa. Shi ya sa ranar aika ta take da nauyi: a tura ta tare da kuɗin, ba bayan mako biyu ba, lokacin da can an riga an rubuta abin da aka rubuta.

Abin da take ƙunsa

A sama akwai sunan mai biya kamar yadda yake a kan faktir, da lambarsa ta haraji wato NIF, da sunan wanda ake biya. Sai ranar da aka tura kuɗin, bankin da suka fita, lambar da banki ya ba turawar, da jimilla. A ƙasa kowace faktir tana da layinta: lamba, kwanan wata, adadinta har da harajin TVA, abin da aka cire da dalilinsa, abin da aka biya, da saura. Lambar da za a rubuta ita ce ta mai kaya, wadda ke kan faktir ɗinsa, ba lambar da mai saye ya ba takardar a nasa littafi ba. Wannan kuskure ya yi yawa, kuma yana mayar da takardar banza, don mutumin Maraɗi ba shi da yadda zai gane lambar da aka ƙirƙira a Damagaram.

Adadi da lamba ake rubuta shi, a sefa. A kasuwa ana ƙirga da dala, sefa 5 ke nan, saboda haka «dubu goma» a bakin ɗan kasuwa na iya nufin sefa 50,000, wato jika hamsin. Saƙon murya ta waya, komai daɗinsa, bai maye gurbin takarda ba.

Misali

A ɗauka wani mai sayar da kayan gini a Damagaram yana ɗaukar kwanon rufi, fenti da rodi a wajen wani babban dila na Maraɗi. Faktir huɗu sun taru, kowace da TVA na kashi 19 cikin ɗari a ciki. Ta farko, mai lamba 412, kwano ne na sefa 1,190,000, ya zo lafiya. Ta biyu, 437, fenti ne na 714,000, amma wasu gwangwanaye sun fashe a hanya, aka mayar, dila ya ba da takardar ragi mai lamba 31 ta sefa 59,500. Ta uku, 455, rodi ne na 952,000 da ake jayayya a kansa, domin abin da aka ƙirga wajen sauke kaya bai kai abin da aka rubuta ba. Ta huɗu, 468, ta 476,000 ce, kuma mai shago yana iya biyan 200,000 kaɗai daga cikinta a wannan karo. Ya tura sefa 2,044,500, ya aika da wannan:

```
AVIS DE REGLEMENT - virement de 2 044 500 F CFA
FA-412   1 190 000   payé 1 190 000   reste 0
FA-437     714 000   payé   654 500   reste 0 (avoir AV-31 : 59 500)
FA-455     952 000   payé         0   reste 952 000 (litige)
FA-468     476 000   payé   200 000   reste 276 000
```

Jarrabawar farko mai sauƙi ce: a haɗa layin abin da aka biya. 1,190,000 da 654,500 da 200,000 sun ba da 2,044,500 cif, daidai da abin da ya fita daga banki. In aka sami bambanci ko na dala ɗaya, ba a aika takardar sai an gano inda yake. Saura kuma 952,000 da 276,000, wato 1,228,000.

Yanzu a duba abin da zai faru in kuɗin sun isa babu takarda. Kwantabul ɗin dila zai yi abin da kowa ke yi, ya fara da tsohon bashi. Ya kashe 412, saura 854,500 a hannunsa. Ya kashe 437 gaba ɗayanta, 714,000, bai tuna da ragin ba, saura 140,500. Wannan sauran sai ya ɗora shi kan 455, rodin da ake jayayya a kansa. A littafinsa 455 ta koma 811,500, 468 tana nan cur 476,000 kamar ba a taɓa ta ba, ragin 59,500 kuma yana rataye shi kaɗai. A haɗa: 811,500 da 476,000, a cire 59,500, amsa 1,228,000.

Jimillar ba ta canza ba, kuma a nan tarkon yake. In maigida ya buga waya ya ce, «Alhaji, nawa ya rage tsakaninmu?» aka faɗa masa 1,228,000, zai duba littafinsa ya ce haka ne, kowa ya ajiye waya da kwanciyar hankali. Sai wata ya zagayo takardar tuni ta zo tana neman 476,000 kan faktir 468, shi kuma ya san ya biya 200,000 a kanta. Mafi muni, littafin dila yanzu yana nuna an biya wani abu kan rodin, kuma gobe in maganar ta kai gaban masu sasantawa ko kotu, dila zai iya cewa wanda bai yarda da faktir ba, ai ba ya fara biyanta. Ba a ci sisin kowa ba, amma hujjar mai shago ta yi rauni.

Yadda ake shigar da ita a littafi

Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma tsarin lissafinta shi ne SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a farkon 2018. Mai saye yana rubuta bashin masu kawo kaya a asusu mai lamba 401, dila yana rubuta abin da yake bin abokan ciniki a 411. Idan kuɗi suka shigo, kwantabul yana sa harafi ɗaya a kan faktir da biyan da ya kashe ta, aikin da manhajojin lissafi ke kira «lettrage». A misalin nan 412 za ta sami harafi tare da nata kason, 437 da ragin 31 da 654,500 su sami wani, 468 kuma ta tsaya da saura har a cika. Layin da ya daɗe babu harafi, musamman takardar ragi, alama ce cewa an ɗora kuɗi inda ba nan ba. Dokar OHADA ta ce a ajiye takardun lissafi shekara goma, saboda haka a kan maƙala kwafin sanarwar da takardar banki da faktir ɗin wuri ɗaya.

Inda ake samun giɓi

Wani lokaci takardar daidai take amma abin da ya isa bai kai ba. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Na farko kuɗin aikin banki ko na kamfanin aika kuɗi, idan an zare su daga cikin adadin maimakon a caji mai turawa daban. Giɓin ƙarami ne, kuma in ba a yi maganar wanda zai ɗauka ba, sai ya zauna a kan faktir ya hana ta rufewa. Na biyu harajin da doka ke sa wasu masu saye, kamar ma'aikatun gwamnati, su riƙe daga kuɗin mai kaya su zuba wa hukumar haraji. Wannan ba ragi ba ne, an biya shi ne a madadin mai kaya. Dole takardar ta ba shi layinsa da sunansa, a kuma haɗa da takardar shaidar riƙewar, in ba haka ba dila zai ci gaba da ganinsa a matsayin bashi, ba kuma zai iya nuna shi a lissafinsa da hukumar haraji ba.

Ana kuma yin hattara da takardar ƙarya. Tun da kowa na iya buga ta, wani kan aiko da sanarwa mai kyan gani, har da hatimi, ya ce a saki mota. Dila mai lura ba ya sakin kaya a kan sanarwa ko hoton takardar banki da aka turo ta waya, sai ya ga adadin ya zauna a asusunsa, ya kuma gwada lambar turawar da wadda ke kan takardar.