Waiwaye: Rancen kuɗi mai arhar ruwa domin cin ribar mai tsadar ruwa

A wasu lokuta idan Babban Bankin Najeriya ya ƙara kuɗin ruwa, 'yan canji na Wuse a Abuja sukan ga dala ta ɗan yi sauƙi, domin masu jarin ƙetare sun shigo da ita sayen takardun lamunin gwamnati. Wani kaso na wannan kuɗi rance ne da aka ciwo inda ruwa ke da arha.

Dabarar ta yi suna ne da kuɗin Japan, wato yen, bayan da babban bankin ƙasar ya mayar da ruwa kusan sifili a 1999. Shekara da shekaru ana ranto yen ana zubawa a ƙasashen da ke biyan ruwa mai tsoka, har rikicin 2008 ya sa kowa ya ruga sayen yen domin biyan bashi, darajarsa ta yi tashin gwauron zabo. Haka aka maimaita a 2024, lokacin da Japan ta ɗaga ruwa zuwa kashi 0.25 cikin ɗari a ƙarshen Yuli, kasuwar hannun jarin Tokiyo ta faɗi da sama da kashi 12 ranar 5 ga Agusta.

Lissafin, a takarda, yana da daɗi. A ce mutum ya ranci dala 100,000 da ruwan kashi 6, ya canza a kan naira 1,500, ya zuba naira miliyan 150 a takardar da ke biyan kashi 20. Bayan shekara yana da naira miliyan 180, bashin da ke kansa kuwa dala 106,000 ne. Idan canji bai motsa ba, ya ci dala 14,000. Amma da zarar dala ta kai kusan naira 1,700 ribar ta ƙare, idan kuma ta kai 2,000 sai ya tashi da dala 90,000, ya nemo 16,000 daga aljihunsa.

Najeriya ta ga wannan da idonta. A Yunin 2016 dala ta tashi daga kusan naira 197 zuwa kusan 280 a kasuwar hukuma, sannan a Yunin 2023 ta tashi daga kusan 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki. A ganina ma abin da ya faru a 2020 ya fi muni, domin farashin mai ya faɗi, dala ta yi ƙaranci, masu jarin waje suka riƙe nairarsu suna jiran layi a babban banki wata da watanni yayin da ruwan bashinsu ke ta hauhawa. Alamar da masu lura suke dubawa ita ce tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na kasuwar bayan fage, wadda ta haura naira 250 kafin faɗuwar naira a 2023.