Sake nema ko neman bita bayan an hana bizar karatu ta Birtaniya

Idan hukumar shige da fice ta Birtaniya ta ƙi ba ɗalibi biza, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko ya shigar da sabuwar buƙata ya sake biyan kuɗi, ko ya nemi hukumar ta sake duba hukuncinta, abin da wasiƙar ƙin ke kira `administrative review`, wato bita. Ba a haɗa su lokaci guda: wanda ya nemi bita sannan ya shigar da sabuwar buƙata, ana ɗauka ya janye bitar. Sau da yawa ba ƙarfin hujja ke raba gardama ba, ranar da jami'a za ta rufe rajista ce. Lamarin ya fi tsanani ga ɗaliban karkarar Kano da Jigawa, saboda wasiƙar kan isa gare su a makare, kuma wasu matakan na bukatar tafiya Abuja.

Tarihi

A da, da yawa daga cikin waɗanda aka hana biza suna iya ɗaukaka ƙara gaban alƙali mai zaman kansa. An taƙaita wannan dama wajen shekarar 2008, lokacin da aka shigo da tsarin ba da biza bisa maki, aka maye gurbin ɗaukaka ƙara da bita ga masu nema daga ƙasashen waje. Ɗalibai sun shiga tsarin a watan Maris na 2009. A watan Yuni na 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara ga masu neman ziyartar dangi, sannan dokar shige da fice ta 2014 ta rage sauran, har abin da ya saura kusan shi ne batun haƙƙin ɗan Adam da neman mafaka. An sauya sunan tsarin ɗalibai a watan Oktoba na 2020, amma bitar na nan.

Ana saɓani kan adalcin tsarin. Masu suka na cewa hukuma ce ke duba aikin kanta. Gwamnati na cewa ya fi kotu arha.

Abin da bita ke dubawa

Wani jami'i daban ne ke karanta fayil ɗin, kuma tambayarsa ɗaya ce: shin jami'in farko ya yi kuskure bisa takardun da aka ba shi? Kuskuren na iya zama tsallake shafi a takardar banki, ko lissafin canji ba daidai ba, ko amfani da ƙa'idar da ba ita ba. Galibi ba a karɓar sabuwar takarda. Don haka wanda ya manta bai saka shaida ba, bita ba za ta cece shi ba, komai gaskiyarsa. Kuɗinta fam 80 ne. Kuɗin bizar da aka hana kuwa ba ya dawowa, sai dai kuɗin lafiya da aka biya tare da ita.

Wa'adodin da ke karo da juna

Mai nema daga Najeriya yana da kwana 28 daga samun hukunci ya nemi bita. Wanda ke cikin Birtaniya kwana 14 gare shi, wanda ke tsare kwana 7. Idan hukuncin ya zo ta imel, ana lissafi daga ranar da aka aiko shi, ba ranar da aka buɗe ba. A nan ne ɗan ƙauye ke cutuwa, musamman idan mai shagon kwamfuta a gari ne ya cike masa fom da nasa adireshin. Kafin labari ya iso, mako biyu sun wuce, kuma rashin sabis ba uzurin dogaro ba ne.

Wa'adi na biyu na jami'a ne. Kowace buƙata sai da lambar CAS, shaidar cewa jami'a ta ɗauki ɗalibin. Tana aiki wata shida, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Da zarar an yanke hukunci a kanta ta mutu. Sake nema na bukatar sabuwa, kuma jami'a na iya ƙin bayarwa, domin yawan ɗalibanta da ake hanawa yana shafar lasisinta. Takardar gwajin tarin fuka ma wata shida take yi.

Sai tsawon jira. Sabuwar buƙata kan ɗauki kimanin mako uku, ko kwanakin aiki biyar ga wanda ya biya kuɗin gaggawa. Bita kuwa tana iya cin watanni da yawa.

Misali

A ɗauka wani ɗalibi daga wani ƙauye kusa da Ringim ya sami gurbin digiri na biyu da za a fara ranar 22 ga Satumba. Ƙa'ida ita ce kuɗin makaranta da ya rage na shekarar farko, da na zaman wata tara, su zauna a banki kwana 28 a jere ba tare da sun ragu ba, kuma ranar ƙarshe a takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin shigar da buƙata. Mahaifinsa ya sayar da riɗi da shanu, kuɗin suka cika a asusu ranar 1 ga Yuli. Ɗalibin ya yi sauri ya nema ranar 20 ga Yuli. Ranar 5 ga Agusta aka hana shi.

Damar bita tana nan har 2 ga Satumba, amma ba ta da amfani, domin jami'in bai yi kuskure ba: kwana 28 ba su cika ba. Idan ba a taɓa kuɗin ba, ranar da hukuncin ya fito sun riga sun haura wata guda a asusu. Abin yi shi ne ya rubuta wa jami'a a ranar, ya nemi sabuwar CAS, ya karɓo sabuwar takardar banki, ya faɗi a fom cewa an taɓa hana shi. Idan ya shigar kafin 20 ga Agusta, mako uku za su cika kafin a fara karatu. Da a ce kuɗin suna asusun kawu ko yaya ne, kamar yadda ake yi a gidan gandu, da sai an mayar da su asusunsa ko na iyayensa an sake ƙirga kwana 28 daga farko, abin da zai kai shi bakin ranar rufe rajista.

Idan kuwa kuɗin sun cika kwanakinsu jami'in ne ya tsallake shafi, ɗalibin na da gaskiya, amma bitar na iya fitowa bayan an rufe rajista. Da yawa kan haƙura su sake biya. Wanda ba shi da halin biya sau biyu sai ya nemi bita, ya roƙi jami'a ta ɗage masa gurbin zuwa Janairu ko baɗi.

Inda ba a barin bita ta wuce

Idan dalilin hanin zargin takardar jabu ne ko yaudara, lissafin ya sauya. Wannan zargi na iya jawo hanin shekara goma, kuma sabuwar buƙata za ta ci karo da shi. Asarar zangon karatu ta fi sauƙi, don haka kwana 28 ɗin nan ne abin kiyayewa, kuma a wannan hali ana iya kawo shaidar da ke wanke mutum, kamar wasiƙar banki mai tabbatar da takardar.

Bizar ziyara da sauran ƙasashe

Bizar ziyara ta Birtaniya ba ta da bita, kuma galibi ba ta da ɗaukaka ƙara; sai sake nema, ko ƙalubalantar hukuncin a kotu cikin wata uku ta hannun lauya. Amurka ba ta karɓar ƙara kan hani a ƙarƙashin sashe na 214(b) na dokarta ta shige da fice, wato hana wanda bai gamsar da jami'i cewa zai koma gida ba. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, suna ba da damar ɗaukaka ƙara, kowace da wa'adinta, sai dai Jamus ta daina karɓar koke a ofisoshin jakadancinta daga 1 ga Yuli, 2025.